Waƙoƙin da za a sa wa 'yan BEPC, ban da na soyayya

Mushe Sani: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ina da aji na 'yan BEPC da nake yi wa bita ranar Asabar da safe a Wadata, kuma zafin Tawa na watan nan ya sa da an kai ƙarfe goma sai ka ga kawuna sun fara sauka kan tebur. Ina son in haɗa waƙoƙi kaɗan a katin memori, waɗanda ke ƙarfafa gwiwar yaro ya yi karatu. Sharaɗina guda ne: ban da soyayya, ko da baiti ɗaya ne. Wanda ya san wadda ta dace ya taimaka.

Maman Nafisa: Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya saka da alheri. Ni tawa kullum abin sauraro na toshe a kunnenta, kaye a buɗe a gabanta. In na yi magana ta ce waƙar ce ke hana ta barci. Ban san abin da take ji ba, sai dai in ga baki na motsi, kuma na tabbata ba darasin ne take maimaitawa ba.

Laminu mai tura waƙa: Mushe, wannan sana'ata ce, to bari in gaya maka inda ake faɗawa. Kada ka yarda da sunan waƙa. Ana kawo mana su ne jaka-jaka, wani ya tura wa wani ta Xender, kowa ya sa sunan da ya ga dama. Za ka ga an rubuta "Ilimi" ko "Haƙuri", ka buɗe ka ji amshi mai kyau, baiti na ɗaya nasiha, na biyu nasiha. A na uku sai muryar mace ta shigo ta amsa masa, ashe haƙurin da ake ta faɗa haƙurin rashin masoyi ne. Yawancinsu minti biyar zuwa bakwai ne, mutane kuma minti ɗaya na farko suke ji su ce a tura masu. In za ka tace, sai ka zauna ka ji kowace har ƙarshenta.

Zabairu: Ni fa da waƙa na yi karatun bak ɗina, tun daga farkon shekara har ranar ƙarshe, kuma na samu a zagayen farko. Ban ga abin tsoro ba. A bar yara su ji abin da ke sa masu nishaɗi.

Madam Hadiza: Zabairu ƙanena, wane fanni ka yi, kuma me kake yi lokacin da waƙar ke tafiya?

Zabairu: D na yi, Madam. Yawanci lissafi nake warwarewa a allo da dare, mu huɗu.

Madam Hadiza: To ka ga inda maganarka take da gaskiya, ka ga kuma inda ta tsaya. Mutumin da ya riga ya gane hanyar lissafi, yana maimaita irin aikin da hannunsa ya saba, waƙa ba ta cika yi masa ɓarna sosai ba, har ma tana hana shi gundura. Amma Nafisa ba wannan take yi ba. Tana karanta darasin tarihi ko na SVT da Faransanci, tana son jimlolin su zauna mata. Mai karatu ko bai buɗe baki ba, a cikin kansa yana furta kalmomin da yake gani. Waƙar da ke kunnensa ita ma kalmomi ce, kuma da Hausa, harshen da yaro ba ya iya hana kansa fahimta. Magana biyu ke nan a lokaci ɗaya, ɗaya da harshen da ya sha a nono tana tafe da kiɗa, ɗaya da harshen lakwal a kan takarda. Kowa ya san wadda za ta ci.

Don haka ni ban fara da tambayar wace waƙa ba. Na fara da yaushe. Waƙar nasiha mafi kyau a duniya, in aka sa ta yaro na haddar darasi, ɓarnarta ɗaya da ta soyayya. Wataƙila ma ta fi, don yaron yana jin cewa abin kirki yake saurare, uwar ma ba za ta hana ba.

Maman Nafisa: Madam, in na faɗa mata haka cewa za ta yi ba gaskiya ba ne, ita ta san kanta.

Madam Hadiza: Kada ki yi gardama da ita, yaya. Ki sa ta gwada. Ki zaɓi sakin layi biyu masu tsawo ɗaya daga darasin da ba ta taɓa bita ba. Na farko ta karanta minti goma da waƙarta a kunne, ta rufe kaye, ta rubuta duk abin da ta tuna. Ta huta kaɗan, ta karanta na biyu minti goma shiru, ta rufe ta rubuta. Gobe ku sake da wasu biyu, amma ku juya, shiru ya zo farko, don kada ta ce gajiya ce. Ita da kanta za ta ƙirga abin da ta kamo a kowane. In ya fito daidai, ki bar ta. Akwai kuma alamar da ake ganewa ba tare da gwaji ba: yaro ya kai ƙarshen shafi ya koma farko don bai san abin da ya karanta ba, ko ya daɗe a kan shafi ɗaya har waƙa uku sun wuce.

Mushe Sani: Madam, ni ma ba lokacin darasi nake nufi ba. Kafin mu fara, yara na shigowa, da kuma hutun tsakiya.

Madam Hadiza: To wannan daidai ne. A nan ne zaɓen ke da amfani.

Baba Alhaji: Ku yara kuna wahal da kanku. Mi ya hi waƙar kokowa sa ma namiji ƙarhi? Mu da munka tashi nan Adar, in anka buga ganga a hilin kokowa, ko tsoho sai ya ji jininai ya motsa. Babu mace ciki, babu soyayya, sai jarumta. Ku sa masu wanga, ko waƙar Shago ta Ɗan Anace, ku gani in wani ya yi gyangyaɗi.

Laminu mai tura waƙa: Baba Alhaji ya faɗi gaskiya, su ba su da soyayya ko kaɗan. Kuma ina da su da yawa.

Madam Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma. Kiɗan kam yana tayar da mai barci, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne abin da kalmomin ke koya wa yaro game da jarrabawa. Waƙar kokowa da ta dambe an gina su ne kan mutum biyu, ɗaya ya tsaya ɗaya ya sha ƙasa. Makaɗin yana wasa nasa, yana yi wa ɗayan zambo. BEPC ba haka take ba. Ba gasa ba ce da ake ɗaukar mutum goma na farko. Duk wanda ya kai 10 bisa 20 ya samu, ko da ajin gaba ɗaya ne. Yaron da ke zaune kusa da kai ba abokin karawarka ba ne, shi ne wanda zai bayyana maka abin da ba ka gane ba. Kuma rabin ajin Mushe 'yan mata ne.

Baba Alhaji: 'Yan mata ba su zuwa kallon kokowar takobi? Ke dai ɗiyata kin cika bincike. Amma na ji batun zambo.

Mushe Sani: Baba, ina ganin zan ɗauki kiɗan gangar zalla, inda ba a waƙa, in sa shi a ƙarshen hutu ya zama shi ne ƙararrawar komawa aji.

Hamisu Kowet: Mushe in dai shagali ne za ku yi ina da mai kayan sauti, da janareto nasa, farashi mai sauƙi. Wace rana ce?

Ramatu daga Yamai: Hamisu ka karanta daga sama. Ba biki ba ne, ko jarrabawar ba a yi ba tukuna.

Hamisu Kowet: Af, to Allah ya ba su sa'a. In sun samu dai ku tuna da ni.

Ramatu daga Yamai: Ni ina da abin da zan ƙara kan na Laminu. Soyayya ba ita kaɗai ce abin tacewa ba. Akwai waƙoƙin da ake kira na ƙarfafa gwiwa, waɗanda samari ke sawa a fada, in ka saurara da kyau duk maganar maƙiya ce da mahassada: sun so in faɗi ban faɗi ba, ga ni na yi mota, su mutu da haushi. Ƙanena ya cika salularsa da su shekarar da ya yi BEPC a nan Yamai. Ya faɗi jarrabawar gwaji, da aka tambaye shi sai ya ce malamin lissafi ne ba ya son shi, 'yan ajin kuma baƙin ciki suke masa. Ba wanda ya tsane shi, bai iya raba haruffa a lissafi ba ne kawai. Waƙar ta ba shi wanda zai ɗora wa laifi.

Zabairu: Yaya Ramatu, ai ba waƙa ce ta hana shi iya lissafi ba.

Ramatu daga Yamai: Ban ce ita ta hana shi ba. Na ce ita ta ba shi kalmomin da ya kare kansa da su.

Ustaz Habibu: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Ni a ganina an bar abin da ke hannu ana neman na nesa. Koyarwa da waƙa ba baƙon abu ba ne gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauyuka, jajis, wato matan da ta horar, suna haddacewa su kai wa ɗalibansu 'yan taru. Alfiyyar Ibn Malik baiti kusan dubu ce, nahawun Larabci ne zalla, kuma har yau ana haddace ta a zaure. Duk waɗannan babu ganga babu fiyano. Ku ba yaran nan rubutacciyar waƙa a rera da baki kawai. Kun huta da soyayya, kun huta da kiɗa.

Mushe Sani: Allah gafarta Malam, ka tuna mini da abu. Akwai "Ilmin Zamani" ta Mu'azu Haɗeja, wanda shi kansa malamin makaranta ne. Kira ce ga neman ilimin boko tare da na addini, kuma ana rera ta ba kiɗa. Sai dai Hausarta da misalanta na Najeriyar wancan zamani ne, sai na zaɓi baitoci na yi masu bayani.

Ustaz Habibu: To ka gani. Ba sai an je wurin Laminu ba.

Laminu mai tura waƙa: Ustaz kada ka kashe mini kasuwa. Amma gaskiya ɗaya: yaro ɗan shekara goma sha biyar, in ka ba shi kati duk rerawa ce ba kiɗa, zai karɓa da hannu biyu ya ce na gode, ya je gida ya goge ya zuba nasa. Ina ganinsu, wurina suke kawowa a goge.

Ustaz Habibu: Wannan laifin tarbiyya ne, ba na waƙar ba.

Madam Hadiza: Malam, ina tare da kai a rabi. Waƙa tana riƙe abu a kai, babu shakka. Amma almajirin da ya haddace Alfiyya yana zaune gaban malami shekaru ana warware masa ita baiti-baiti, kuma da harshen da aka rubuta ta za a tambaye shi. Namu da Faransanci za su amsa, kuma ba a cewa su kawo darasi daga farko zuwa ƙarshe. Ana ba su tambaya ne daga tsakiya, ko a ce su bayyana dalili. Wanda ya haddace da waƙa sau da yawa sai ya rero daga baitin farko kafin ya iso inda ake nema. Ku gwada da kanku, ku faɗi layi na biyar na taken ƙasa ba tare da kun bi ta na ɗaya ba. Don haka waƙa tana da kyau ga abu gajere wanda ake rikitawa, ba ga darasi sukutum ba.

Mushe Sani: Misalin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kowace shekara shi ne 18 ga Disamba 1958 da 3 ga Agusta 1960. Na farko ranar da aka kafa jamhuriya, na biyu ranar samun 'yancin kai. Dukansu ranakun hutu ne, dukansu akwai sunan Jori Hamani a ciki, sai yara su juya su. Na taɓa yi masu layi biyu:

Takwas da takwas, Disamba, jamhuriya,
Uku ga Agusta, sittin, muka ɗau 'yanci.

Takwas biyun su ne na 18 da na 58. Wanda ya riƙe wannan ba ya sake juyawa. Amma ban taɓa gwada sa dalilan neman 'yanci a waƙa ba, don wannan sai an fahimta.

Baba Alhaji: Kai Mushe, layukanka ba su da amsa-amo. Jamhuriya da 'yanci ina sunka haɗu?

Mushe Sani: Ba su haɗu ba Baba, ni malamin tarihi ne. A taimaka a gyara.

Zabairu: Tunda an ce a yi namu, ga nawa na ƙarfafa gwiwa:

Tashi ka yi karatu ɗan'uwa,
Jahili ba shi da wurin zama a duniya.
Wanda ya faɗi ya zama abin dariya,
Uwarsa ta yi asarar tarbiyya.

Maman Nafisa: Subhanallahi. Zabairu, wannan kake son a rera wa ɗiyata saura wata ɗaya?

Zabairu: Inna ai don su ji tsoro su dage ne.

Maman Nafisa: Tsoro kam tana da shi ya ishe ta. Tun da aka fara maganar ranar jarrabawa abinci ma ba ta ci sosai.

Madam Hadiza: Zabairu, amsa-amonka ya fi na Mushe, amma duba abin da ka ce. A kowane aji akwai waɗanda ke maimaita shekara, suna zaune a ciki za a rera cewa wanda ya faɗi abin dariya ne. Kuma ko mun so ko ba mu so ba, cikin waɗanda za su rera ta bana akwai waɗanda ba za su ji sunansu ba ranar sakamako. Waƙar da ka sa masu a kai ba za ta fita ba don an gama jarrabawa. A daren nan ita za ta dawo masu. Ni wannan ne ma'aunina na farko ga kowace waƙa da za a sa a katin: in yaron da ya faɗi ya tuna ta, me za ta ce masa? Yawancin waƙoƙin "ku yi karatu" a nan suke faɗuwa, don hanyar da suka sani ta yabon ilimi ita ce zagin wanda ba shi da shi. Wasu iyayen yaran nan ba su taɓa shiga lakwal ba, su ke biyan kuɗin kaye da bik.

Abu na biyu, baitinka bai gaya wa yaro abin da zai yi ba. "Tashi ka yi karatu" ya ji ta sau dubu. Wanda ya buɗe kaye ya ga shafi sittin bai san ta inda zai fara ba, shi ya sa yake rufewa.

Mushe Sani: Bari in gwada a kan layin Zabairu na farko, in bi abin da Madam ta ce:

Buɗe kayenka ɗan'uwa,
Shafi guda ya isa farawa.
Abin da ka karanta da safe,
Rufe ka faɗa, maganin mantuwa.
In wani wuri ya shige maka duhu,
Tambaya ba ta zama gazawa.

Baba Alhaji: Yawwa. Yanzu ka yi waƙa. Wa, wa, wa, ta zauna.

Ramatu daga Yamai: Layi na uku da na huɗu sun fi burge ni, don dabarar karatu ce ta gaske aka saka a ciki. Amma "ɗan'uwa" da "kayenka" duk namiji ne.

Mushe Sani: Gaskiya ne. "Buɗe kayenki 'yar'uwa" tsawonsu ɗaya, bai ɓata kari ba. Sai a raba, maza su rera wa mata, mata su rera wa maza.

Ustaz Habibu: A'a Mushe. Ka kori soyayya ta ƙofa kana shigo da ita ta taga. Samari na rera wa 'yan mata "'yar'uwa", su kuma suna amsawa, ai siffar waƙoƙin fim ɗin ke nan da kake gudu. Ka mayar da ita jam'i: ku buɗe kaye 'yan'uwa.

Mushe Sani: Na karɓa, Malam. Jam'i ya fi.

Zabairu: To wane kari za a ɗora mata? Akwai wata da ake yayi yanzu, kowa ya iya ta, kalmomin nan za su hau ta daidai.

Laminu mai tura waƙa: Na san wadda kake nufi, kuma ta soyayya ce. Kada ku yi. An sha kawo mini irin wannan, an ɗauki karin waƙar fim an zuba masa kalmomin nasiha ko na yabo. Mai ji yana bin sababbin kalmomi da baki, amma tsofaffin ne ke tafiya a kansa. Yara kuwa da malami ya juya baya za su koma ta asali, har da rawar. Ga kuma wani abu: Hausa tana da hawa da sauka a murya, in ka tilasta kalma ta bi karin da ba nata ba sai ta fito a karkace, a yi ta dariya. Ku rera layin kamar yadda kuke faɗinsa, ku ɗan ja shi, ku sa tafi. Karin zai fito da kansa.

Baba Alhaji: Garin makaɗi Ɗan Gurmu ne za a rasa mai hidda kari? Gasar waƙar da aka sa ma sunanai nan Tawa aka yin ta. Ku nemi mai gurmi guda cikin unguwa ku ba shi goro.

Maman Nafisa: Mushe, in ka gama haɗawa a tura mata a salula ne?

Mushe Sani: Shi nake tunani. Me kuka gani?

Laminu mai tura waƙa: Ni da zan ba da shawara, kada a sa a salula. Yaro zai ɗauka don ya kunna waƙa ɗaya, ya ga saƙo ya shigo WhatsApp, daga nan TikTok, hutun minti goma ya zama awa. Akwai ƙananan rediyoyin nan masu cin kati da ake caji, wasu ma da hasken rana, ko an ɗauke wuta suna yi. A sa katin a ciki, a ajiye a tsakar gida inda kowa ke ji. Kuma kada ku cika katin. Waƙa huɗu ko biyar sun isa, in sun ƙare hutu ya ƙare. In ka zuba ɗari, ba ka san abin da ke cikin ta saba'in ba, kuma ba ta da ƙarshe.

Madam Hadiza: Wannan shawara ta fi duk abin da na faɗa amfani. In ƙara: ta yi karatu kamar minti arba'in shiru, ta tashi ta sha ruwa ta ji waƙa biyu, ta koma. Kuma a guji mai amshin da ke maƙalewa a kai a hutun ƙarshe kafin barci, da safiyar jarrabawa. Yaro na zaune ana dikte, amshi na juyawa a kansa, ba abin da zai iya yi masa.

Zabairu: Nan kam ban yarda ba Madam. Safiyar bak ɗina da waƙa na fita gida, ita ta kashe mini faɗuwar gaba. In ba ita ba da hannuna rawa zai yi ta yi.

Madam Hadiza: Mai yiwuwa ne, mutane sun bambanta a nan. Wanda ya saba ya yi a gida, ya bar salular a gida, don ba a shiga da ita ɗakin jarrabawa. Amma kada wanda bai saba ba ya fara ranar.

Ramatu daga Yamai: Ba wanda ya ambaci Ɗan Maraya Jos. Waƙoƙinsa da yawa kan masu ƙananan sana'o'i ne da mutuncin aiki, kuntigi ne kawai da murya, ba hayaniya.

Laminu mai tura waƙa: Akwai su, amma shi ma sai an zaɓa, yana da na zaman aure. Kuma wasu kwafin da ke yawo sautinsu ya mutu, daga tsohon kaset aka ɗauko.

Ustaz Habibu: Ni dai ina nan kan bakana game da kiɗa. In za a tura wa yaran gidana, a ware mini kati mai rerawa zalla.

Mushe Sani: Za a yi biyu, Malam. Ga yadda na tsara na ajin Asabar: baitocin Mu'azu Haɗeja da zan zaɓa, in sa wani ɗalibi mai murya ya rera a ɗauka, su ne na shigowa. A hutu ɗaya ta Ɗan Maraya da tamu ta "ku buɗe kaye". Gangar Baba Alhaji ta mayar da su aji. Saura guda nake nema ta zamani, mai kiɗan da yaran ke so, wadda ba soyayya, ba maƙiya, ba zagin jahili, ba kirarin mai kuɗi.

Laminu mai tura waƙa: Ka ba ni zuwa Alhamis. Ina da uku da nake zato, cikin na 'yan rap ɗinmu na nan Nijar, amma ɗaya rabinta Zabarmanci ce kuma ba na ji sosai. Sai an samu wanda zai saurara mini baitin nan kafin in ce ta wuce.

Ramatu daga Yamai: Turo mini ita, ina jin Zabarmanci.

Baba Alhaji: Layin jamhuriya da 'yanci hwa? Har yanzu ba wanda ya gyara shi.

Mushe Sani: Yana nan yana jiran ka, Baba.